Ihun da ba a amsa ba: yadda ake gina sashen hamayya a maƙala kan labarin da ƙarshensa ya rabu biyu

A shafin ƙarshe na littafin Ɗayyib Salih, marubucin nan na Sudan, wani mutum yana tsakiyar Kogin Nilu da asuba. Ƙarfinsa ya ƙare. Ba ya iya ƙarasawa gaɓar arewa da ya nufa, ba ya iya komawa gaɓar kudu da ya baro. Ruwa yana jan sa ƙasa, sai ya tattara abin da ya rage masa na numfashi ya ɗaga murya yana neman agaji. A nan littafin ya tsaya. Ba a ce wani ya ji shi ba, ba a ce kwalekwale ya taho ba, ba a kuma ce ya nutse ba.

Littafin shi ne Mausim al-Hijra ila al-Shamal, wato lokacin ƙaura zuwa arewa. Ya fara fitowa da Larabci a mujallar Hiwar ta birnin Bairut a 1966, shekara goma bayan Sudan ta sami 'yancin kai. Denys Johnson-Davies ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1969 da sunan Season of Migration to the North. Tun daga lokacin, duk ɗalibi ko mai sharhi da ya zauna rubuta maƙala a kansa sai ya yi karo da wannan shafi, kuma dole ya ɗauki matsaya a kan abin da shi marubucin ya ƙi yankewa.

Wahalar irin wannan maƙala ba ta cikin samun ra'ayi, don kowa ya rufe littafin yana da nasa. Wahalar tana cikin abin da za ka yi da ɗaya ra'ayin, wanda shi ma yana da hujjarsa a cikin shafukan da ka karanta. Wurin da ake wannan aiki shi ne sashen hamayya, inda mai maƙala yake kawo fahimtar da ta saɓa wa tasa, ya ba ta haƙƙinta, sa'an nan ya amsa. Abin da nake son nunawa guda ɗaya ne: idan ƙarshen labari ya rabu biyu, ba a rubuta wannan sashe don a kashe ɗaya fahimtar. Ana rubuta shi ne don ta gyara maka taka. Idan ka fito daga sashen da matsayarka yadda ka shiga da ita, ko ƙwarzane babu, to ba ka fafata da kowa ba.

Labarin a taƙaice

Mai ba da labarin, wanda ba a ambaci sunansa ba, ya dawo ƙauyensu a bakin Nilu bayan shekara bakwai yana karatu a Turai. Ya tarar da wani baƙo mai suna Mustafa Sa'id ya sayi gona, ya auri 'yar garin, Husna bint Mahmud, har sun haifi 'ya'ya biyu maza. Wata rana a wurin shaye-shaye ya ji wannan manomi yana rera waƙar Ingilishi da bakin da ba na ɗan koyo ba. Da ya matsa masa, sai Mustafa ya buɗe masa cikinsa: an haife shi a Hartum a 1898, shekarar da sojojin Ingila suka ci Umdurman; ya yi karatu a Alƙahira da Landan har ya zama malamin tattalin arziki; ya yaudari matan Turawa, uku daga cikinsu suka kashe kansu; ya kashe matarsa Jean Morris, aka ɗaure shi shekara bakwai.

Daga baya Mustafa ya ɓace a lokacin ambaliyar kogi, ba a ga gawarsa ba. Ya bar wasiƙa yana damƙa wa mai ba da labarin amanar matarsa da 'ya'yansa, da mabuɗin wani ɗaki da kullum yake kulle. Sai wani tsoho mai suna Wad Rayyis ya nace sai ya auri Husna. Ta faɗa wa mai ba da labarin baki da baki cewa idan aka tilasta mata za ta kashe tsohon ta kashe kanta. Abokinsa Mahjub ya ba shi shawara ya aure ta shi da kansa, tunda shi ne wasiyyi. Bai yi ba, ko da yake ya gane yana son ta. Ya koma aikinsa a ma'aikatar ilimi a Hartum. Mahaifinta ya aurar da ita dole, ita kuma ta cika maganarta. Mutanen gari suka binne su biyun cikin gaggawa, suka rufe bakinsu. Da ya dawo, sai da ya je wurin wata tsohuwa, Bint Majzub, kafin ya ji yadda abin ya faru. Ya shaƙe Mahjub don fushi, ya buɗe ɗakin Mustafa da niyyar ƙona shi amma ya fasa, daga nan ya shiga kogi.

Ka fara sanin abin da ake jayayya a kansa

Kuskuren farko da ake yi shi ne a ɗauka cewa tambayar ita ce: ya rayu ko ya mutu? Wannan tambaya ce ta abin da ya faru, kuma littafin ya rufe ƙofarta da gangan. Duk tsawon maƙalarka ba za ka iya ƙaro shafin da marubuci bai rubuta ba. Tambayar da ake iya muhawara a kanta da hujja ita ce ta ma'ana: wannan ihu mene ne? Farkawa ce ko kuwa faɗuwa ce ta ƙarshe?

Mu ɗauka ka karanta ka tsaya a kan cewa farkawa ce. Matsayarka ta farko za ta iya zama haka: a ƙarshen littafin mai ba da labarin ya kuɓuta daga inuwar Mustafa Sa'id, domin a karo na farko ya zaɓi abu da kansa, ya zaɓi rayuwa. Kana da hujjoji masu kyau. Shi da kansa ya ce duk rayuwarsa bai taɓa yanke shawara ba sai yanzu. Ya ambaci cewa akwai 'yan mutane kaɗan da yake son ya daɗe tare da su, kuma akwai nauyin da ke kansa da zai sauke. Mustafa ya shiga ruwa ko ya bar gari shiru ba wanda ya sani, shi kuwa wannan ya kira mutane.

Ka lura da cewa wannan matsaya jumla ce da mai hankali zai iya cewa bai yarda ba. Wannan sharaɗi ne. Wanda ya rubuta cewa ƙarshen littafin yana ɗauke da ma'anoni da yawa bai ɗauki matsaya ba, kuma ba zai iya rubuta sashen hamayya ba, don ba wanda zai yi masa musu.

Zaɓen abokin karawa

Wanda ya shiga filin kokawa ya zaɓo ƙaramin yaro ya kayar, ba wanda zai kira shi gwani, sai ma a fara zargin yana tsoron manya. Haka mai karatu yake ji idan ya ga ka ɗauko hujja mara ƙarfi ka rusa ta a jumla biyu.

Ga irin hamayyar da ake yawan gani: wasu suna cewa mai ba da labarin ya nutse, amma wannan ba daidai ba ne, domin shi ne yake ba mu labarin, kuma tun daga shafin farko yana magana da wasu masu sauraro kai tsaye a kan abin da ya riga ya wuce. Hujjar gaskiya ce, littafin haka ya buɗe. Amma dubi abin da ta saya maka. Ko da an yarda an tsamo shi daga ruwa, wannan bai nuna ya canza ba. Matsayarka ta ce ya kuɓuta daga inuwar Mustafa, ba ta ce ya kuɓuta daga kogi kawai ba. Ka amsa tambayar da ba a yi maka ba, ka bar wadda aka yi.

Hanyar samo abokin karawa na gaskiya mai sauƙi ce, sai dai tana son haƙuri. Ka koma babin ƙarshe da fensir, ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da bai yi maka daɗi ba, duk abin da ka so a ce marubuci bai saka ba. Waɗannan su ne makaman abokin hamayyarka. A wannan littafi za ka sami aƙalla huɗu.

Na ɗaya, abin da ya farkar da shi a cikin ruwan ba tunanin Husna ba ne, ba na 'ya'yan amana ba ne, matsananciyar sha'awar taba sigari ce. Na biyu, lokacin da ya yi ihun, shi da kansa ya kwatanta kansa da ɗan wasan barkwanci a kan dandamali. Na uku, cikin ƙudurin da ya ɗauka ya ce idan ya kasa yafewa zai yi ƙoƙarin mantawa, kuma zai rayu da ƙarfi da dabara. Na huɗu, Husna ta riga ta mutu. Ranar da zaɓinsa zai iya ceton rai, bai zaɓa ba.

Kada ka jera duka huɗun ɗaya bayan ɗaya kamar lissafin cefane. Ka duba wanne zare ne ya ɗaure su. A nan zaren shi ne: abin da ka kira zaɓi ba zaɓi ba ne, ihu ne bayan hari, jiki ne ya ƙi mutuwa, sai baki ya yi masa ado da manyan kalmomi. Yanzu ka sami fahimta guda ɗaya cikakkiya wadda ta tsaya da ƙafarta, kuma ta nufi tsakiyar matsayarka.

Ka faɗe ta yadda mai ita zai yarda

Gwajin wannan mataki shi ne: da za a ba mai wancan ra'ayi sakin layinka ya karanta, zai ce haka nake nufi, ko zai ce ka rage mini ƙarfi? Ga misalin yadda za a iya rubuta shi:

"Akwai wata fahimta mai ƙarfi da ke ganin wannan ƙarshe a matsayin ci gaban gazawar mai ba da labarin. Mai wannan ra'ayi zai ce lokacin zaɓi ya wuce tun ranar da Husna ta faɗa masa abin da za ta aikata, Mahjub ya nuna masa mafita, shi kuma ya kama hanyar Hartum. Abin da ya rage masa a cikin kogi shi ne ransa kaɗai, kuma abin da ya motsa shi ya riƙe ran sha'awar sigari ce, ba nadama ba. Ƙudurinsa ma ya ƙunshi mantawa, wadda ita ce ainihin abin da mutanen gari suka yi da suka binne Husna suka hana a yi zancenta. Har siffar ɗan wasa da ya ba kansa tana mayar da mu ga Mustafa, mutumin da ya yi rayuwarsa ta Landan yana wasan kwaikwayo da kamannin ɗan Afirka da Turawa suke son gani. Bisa wannan karatu, bai fita daga inuwar Mustafa ba, ya shige cikinta ne har wuya."

Akwai abubuwa uku a wannan sakin layi da ya kamata a lura da su. Kowace da'awa tana rataye da wani abu da ke cikin littafin, ba da zaton abin da wasu mutane suke ji ba. Babu kalmar raini ko ɗaya, babu "wai" mai nuna shakka, babu "abin mamaki". Sa'an nan an fara da jumlar da ta sanar da mai karatu cewa muryar wani ce, don kada ya ɗauka ka sauya sheƙa a tsakiyar maƙala. Idan kana da sunan wani mai nazari da ya rubuta wannan ra'ayi, kuma ka karanta shi da idonka, ka ambace shi. Idan ba ka da shi, ka ce mai karatu zai iya cewa kaza, kada ka fake da cewa masana da yawa sun ce, alhali ba ka san ko ɗaya ba.

Amsa: abin da za ka bari, abin da za ka riƙe

Yanzu ka ɗauki hujjojin nan ɗaya-ɗaya a takardar gwaji, ka tambayi kanka: wannan zan iya juya ta, ko dole in miƙa wuya?

Maganar latti ba ta juyuwa. Husna ta mutu, kuma shirunsa yana cikin abin da ya kashe ta. Duk maƙalar da ta yi ƙoƙarin wanke shi daga wannan za ta rasa amincewar mai karatu. Ka yarda da ita a fili, a jumla mai tsafta. Amma ka san yardar tana da tsada: kalmar "kuɓuta" da ke cikin matsayarka ta farko ta yi girma, dole ta fita.

Maganar sigari tana da fuska biyu. Gaskiya ne ba nadama ba ce. Sai dai wannan mutum ne da ya shafe littafin yana kallo, yana tunani, yana auna maganar kowa ba tare da ya motsa ba. Tunani bai taɓa kai shi ga aiki ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce abin da ya fizgo shi ƙaramar buƙata ce ta jiki, irin ta kowane ɗan Adam. Wannan bai kashe hujjar abokin hamayya ba, amma ya nuna tana iya aiki a ɓangarenka.

Maganar ɗan wasa ita ce wadda ka fi iya juyawa, kuma da hujja daga cikin littafin. Wane irin wasa Mustafa ya yi? Ya kwatanta kansa da Othello, jarumin wasan Shakespeare mai ƙarewa da kisa da baƙin ciki, ko da yake daga baya ya musanta kwatancin. A kotu ma ya so a yanke masa hukuncin kisa, ya sami ƙarshe mai girma. Ɗakinsa da ya kulle, mai murhu irin na gidajen Ingila da littattafan da babu na Larabci ko ɗaya a ciki, shiri ne na mutumin da yake son a tuna da shi. Mai ba da labarin kuwa ya ɗauki matsayin da Mustafa ba zai taɓa ɗauka ba: tsirara, a tsakiyar ruwa, yana kururuwa a taimake shi, ya kuma san abin dariya ne. Duka biyun wasa ne, amma ɗaya na neman girma ne, ɗaya na zubar da girma.

Saura maganar mantawa, wadda ta fi kowacce nauyi. A nan ne hujjar nan da muka ƙi ɓatawa a kan ƙaramin abokin karawa za ta yi amfani. Mutumin da ya ce zai yi ƙoƙarin mantawa shi ne wanda yake zaune yana ba masu sauraro labarin, har da abin da ya faru a ɗakin Wad Rayyis a wancan dare, wanda gari ya haɗa baki ya ɓoye, har da nasa laifin. Littafin da ke hannunmu shi kansa shaida ne cewa bai bi gari wajen yin shiru ba. Hujja ɗaya ce, amma da ka yi amfani da ita don nuna bai nutse ba ta saya maka abu kaɗan, yanzu kuwa ta taɓa zuciyar muhawarar.

Ita ma wannan hujja tana da iyaka, kuma ya fi kyau kai ka faɗi iyakar kafin wani ya faɗa maka. Littafin bai bayyana yaushe ko a ina ake ba da labarin ba, bai kuma ce su wane ne masu sauraron ba. Ba da labari ga baƙi ba daidai yake da tsayawa a gaban mutanen gari a faɗa musu gaskiya ba. Jumla ɗaya ta isa ta nuna ka ga wannan.

Ga yadda amsar za ta iya fitowa:

"Wannan karatu ya yi daidai a abu ɗaya babba: zaɓin ya zo bayan ya daina amfanar Husna, don haka ba za a kira shi nasara ko wankan laifi ba. Amma bai bi cewa mai ba da labarin ya zama Mustafa ba. Mustafa ya nemi ƙarshe mai girma, ya tsara ɓacewarsa, ya bar wasiƙa da mabuɗi, bai roƙi kowa ceto ba. Wannan kuwa ya yarda ya zama abin dariya domin ya rayu, kuma ihunsa yana buƙatar kunnen wani. Ko alkawarin mantawa da ya yi, labarin da muke karantawa ya karya shi, ko da yake ba mu san ko ya taɓa faɗin wannan magana a gaban waɗanda suka binne Husna ba. Abin da ya faru a kogin ƙarami ne fiye da kuɓuta, amma ya bambanta da maimaici."

Matsayar da ta fito daga wuta

Yanzu ka kwatanta. Ka shiga da cewa ya kuɓuta daga inuwar Mustafa domin ya zaɓi rayuwa. Ka fito da wani abu kamar haka: ƙarshen littafin bai wanke mai ba da labarin ba, bai kuma yi alkawarin za a cece shi ba, abin da ya nuna shi ne rabuwarsa da Mustafa a wuri ɗaya tak, wato amincewa da cewa yana buƙatar mutane, kuma littafin ya tsaya kafin amsa domin amsar ba a hannunsa take ba.

Wannan matsaya ta fi ta farko ƙanƙanta, amma ta fi ta wuyar rushewa. Ta kuma yi abin da ta farko ba ta yi ba: ta bayyana dalilin da ya sa ƙarshen ya zama a buɗe. Wannan ita ce alamar maƙala mai ƙarfi a kan irin waɗannan littattafai. Fahimtar da take ɗaukar shirun marubuci kamar giɓin da za a cike ta fi rauni a kan wadda take iya cewa ga aikin da shirun yake yi.

Da zarar ka sami sabuwar matsaya, ka koma gabatarwar maƙalarka ka gyara ta. Da yawa suna mantawa da wannan, sai maƙala ta buɗe da "ya kuɓuta" ta rufe da "bai kuɓuta sosai ba", mai karatu ya rasa wanne ne ra'ayin marubuci.

Wuri da tsawo

A maƙala mai kalmomi kamar 2,000, sakin layi biyu ko uku sun isa, wato kalmomi 300 zuwa 400. Ka raba su kusan daidai tsakanin hamayya da amsa, amsar ta ɗan fi tsawo. Idan hamayya jumla ɗaya ce amsa kuma shafi guda, an gane ba ka saurara ba. Idan hamayyar ta ninka amsar, mai karatu zai tafi da ra'ayin abokin karawarka.

Wurin da ya fi dacewa shi ne bayan ka gama kafa hujjojinka, kafin kammalawa, domin a lokacin mai karatu ya san abin da ake kai wa hari. Akwai lokacin da ake sauya wannan tsari. Idan ɗaya fahimtar ita ce wadda yawancin masu karatu za su zo da ita, gara ka fara da ita tun bayan gabatarwa, ka kawar da ita daga hanya, in ba haka ba za a karanta hujjojinka da musu a zuci. Abin da ba a yi shi ne a jefa sabuwar hamayya a sakin layin ƙarshe, inda babu sauran filin amsa.

Yadda za ka gane sashen ya lalace

Alama ta farko ita ce ka iya cire sashen gaba ɗaya maƙalar ba ta girgiza ba. Ka gwada: ka rufe shi da hannu ka karanta kammalawar. Idan babu kalma ko ɗaya a cikinta da ta samo asali daga fafatawar, sashen ado ne kawai.

Ta biyu ita ce ƙarewa da cewa kowa da fahimtarsa. Ƙarshe mai fuska biyu ba ya nufin duk fahimta daidai take. Wanda ya ce Mustafa ne ya fito daga ruwa ya ceci mai ba da labarin ba shi da layi ko ɗaya da zai dogara da shi. Fahimtoci biyun da muka auna suna da shaida, amma aikinka shi ne ka nuna wacce ta ɗauki shaidu mafi yawa ta bar mafi ƙaranci a waje.

Ta uku ita ce ɗauko hujja daga wajen littafin don a rufe bakin kowa. Salih ya ci gaba da rubutu a kan wannan yanki a Bandarshah, inda ake da mai ba da labari mai suna Muhaimid, kuma akwai masu nazarin da suke ɗaukar sa a matsayin mutumin nan na cikin kogi. Kana iya ambaton wannan a matsayin ƙarin haske. Amma littafin 1966 ya tsaya inda ya tsaya, kuma abin da marubuci ya rubuta bayan shekaru ba ya goge shirun da ya bari a nan. Haka ma ra'ayinka a kan auren dole ko mulkin mallaka, komai ingancinsa, ba ya zama shaida a kan abin da shafin ya ce.

Ta huɗu ita ce amsa hamayya da maimaita matsaya da ƙarin ƙarfin murya. Idan amsarka ba ta ɗauko wani sabon abu daga littafin ba, ko ba ta sake karanta shaidar abokin hamayya ta wata fuska ba, ba amsa ba ce. Kalmomi irin su "babu shakka" da "kowa ya sani" sukan taru daidai inda hujja ta yi ƙaranci, don haka idan ka gan su a rubutunka ka tsaya ka duba ƙarƙashinsu.

Akwai kuma abin da kan faru wanda ba lalacewa ba ne, ko da yake yana tsorata ɗalibi: ka rubuta hamayyar da gaskiya, ka nemi amsa ka rasa. Ka duba maganar mantawa da maganar latti, ka ga a zuciyarka sun fi hujjojinka nauyi. Idan haka ta faru, kada ka koma ka rage wa hamayyar ƙarfi don ka tsira. Ka juya maƙalar. Abin da ya kasance hamayya ya zama matsayarka, tsohuwar matsayarka ta koma sashen hamayya, kuma za ka rubuta ta da adalcin da ba kowa zai iya ba, tunda ka taɓa yarda da ita. Aikin da ka yi bai tafi a banza ba, domin shaidun duk suna nan, wurin zamansu ne kawai ya sauya. Malamin da zai duba maƙalar, ko editan da zai buga ta, ba ya neman ka yi daidai da ra'ayinsa a kan makomar mutumin. Yana neman ya ga cewa ka san shafin da ya fi cutar da matsayarka, ka buɗe shi da hannunka, ka kuma faɗi abin da ya rage a tsaye bayan an karanta shi.